Bashin banki: sauƙin jika 14 a wata, nauyin jika 444 a ƙarshe

Yau maganar aljihu za mu yi, kuma zan roƙi kowa ya jawo wayarsa kusa, don akwai ɗan lissafi a gaba. Ba mai wuya ba ne, ninkawa ce da ɗebewa kawai.

Kwanakin baya wani ƙanena, mushen lakwal ne a wani ƙauye cikin yankin Buza, ya iske ni gida da takardu cikin leda. Ya daɗe da sayen fili, yanzu yana son ya tada ɗaki biyu da falo ya huta da zaman haya. Ya je banki neman bashin miliyan 3 na sefa a kan albashinsa, ya dawo fuska sake. Ya ce mini: "Yaya, walle mutanen nan sun yi mini kirki. Da farko sunka ce shekara 5, za a riƙa cire mini jika 67 duk wata. Da na nuna ya yi mini nauyi, sai ma'aikacin ya taɓa na'ura ya ce to Mushe, mu kai shi shekara 7, ya koma jika 53. Ka ga an rage mini jika 14 ke nan."

Na ce da shi: "Mushe, an rage maka, ko an ɗage maka? Duka-duka nawa za ka biya?" Sai ya yi shiru. Ba a gaya masa ba, shi kuma bai tambaya ba. Mutumin da ke koya wa yara lissafi kullum safiya, ya kusa sa hannu a kan takardar da za ta riƙe albashinsa wata 84 ba tare da ya ninka lamba biyu ba. Ban ga laifinsa sosai ba, don yawancinmu haka muke. In mun zauna gaban ma'aikacin banki tambaya ɗaya ce a bakinmu: nawa za a cire mini a wata? Ra'ayina shi ne wannan tambaya ita kaɗai tana cutar da mu, kuma tsawaita wa'adin bashi wani kaya ne da ake sayar mana ba tare da an faɗi kuɗinsa ba.

Bari mu bi lissafin ƙanen nan nawa daki-daki. Don ya zo da sauƙi, mu ɗauka kuɗin ruwan kashi 12 cikin 100 ne a shekara, wato kashi 1 cikin 100 duk wata a kan abin da ya rage ana bin ka. Na wani zai fi haka, na wani ba zai kai ba, amma yadda abin ke tafiya iri ɗaya ne. Na kuma ajiye kuɗin dosiye da inshora gefe tukuna.

In ya karɓi miliyan 3 a kan shekara 3, zai riƙa biyan kusan jika 100 a wata. Idan ya gama, ya biya miliyan 3 da jika 587. Ruwan da ya hau kansa jika 587 ke nan. In shekara 5 ce, biyan wata ya sauko jika 67, amma jimillar ta kai miliyan 4 da 'yan kai, ruwa ya zama miliyan 1 da 'yan kai. In kuwa shekara 7 ce, biyan wata jika 53, jimilla miliyan 4 da jika 448, ruwa ya kusa miliyan ɗaya da rabi. Kuɗin da aka ba shi a hannu bai ƙaru da ko dala ba. Filin nan dai shi ne, ɗaki biyu da falon nan dai su ne. Lokaci kawai aka ƙara.

To jika 14 ɗin da ya yi murna da ita fa? Gaskiya ne zai ji sauƙinta har tsawon shekara 5. Amma ranar da mai bashin shekara 5 zai karɓi albashinsa cikakke, shi yana da sauran wata 24 a gaba, kowane wata jika 53. In ka haɗa ka ɗebe, sauƙin nan ya ci masa jika 444. A albashin jika 200, wannan ya fi aikin wata biyu, ya tashi da asuba, ya sha alli, ya yi wa banki kyauta.

Wani zai ce, to ina wannan kuɗi ke fitowa tunda kason ruwan bai canza ba? Amsar tana cikin yadda ake raba biyan wata. Duk abin da aka cire maka gida biyu yake shiga. Gida na farko ruwa ne, kuma shi ake fara cikawa. Abin da ya saura shi ke rage uwar kuɗi. A watan farko ana bin ƙanena miliyan 3, don haka ruwan wannan wata jika 30 ne, ko wa'adin shekara 3 ne ko 7. Mai biyan jika 100 ya zuba 30 a ruwa, 70 ta ci uwar kuɗi. Mai biyan jika 53 shi ma ya zuba 30 a ruwa, 23 kacal ta taɓa uwar kuɗi. Wata na biyu, wanda uwar kuɗinsa ta ragu sosai ruwansa ya ragu sosai, wanda tasa ta ɗan motsa kuwa ruwansa na nan kusan yadda yake. Haka za a yi ta tafiya. Ruwan bashi kamar kuɗin haya ne: kana hayar kuɗin wani, muddin suna hannunka kana biya. Wanda ya daɗe cikin gidan haya ba ya mamakin yawan abin da mai gida ya karɓa.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Sauƙin da ƙarin shekaru ke kawowa raguwa yake yi, tsadarsa kuwa ƙaruwa take. Daga shekara 3 zuwa 5 an sauke maka jika 33 a wata, ka biya ƙarin jika 417. Daga 5 zuwa 7 jika 14 kawai aka sauke, ka biya ƙarin 444. In ka ja shi daga 7 zuwa 10, saukin jika 10 za ka samu, ƙarin ruwan ya haura jika 700. Kuma ko shekara 50 aka ba ka, biyan wata ba zai taɓa sauka ƙasa da jika 30 ba, don wannan ita ce hayar miliyan 3 ta wata guda. Ke nan shekarun farko da aka ƙara suna da ɗan amfani, na baya kuwa kusan na banki ne zalla.

Me ya sa to mutane ke rububin dogon wa'adi? Ba wauta ba ce. Banki ba ya barin abin da za a cire maka ya wuce wani kaso na albashi, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku. Manufar mai kyau ce, don a bar wa mutum abin cefane. Amma dubi yadda take juyewa. Ƙanena mai jika 200, iyakarsa wajen jika 67 ce a wata. Da wannan jika 67, in shekara 3 ya zaɓa, miliyan 2 za a ba shi. In shekara 5 ce, miliyan 3. In shekara 7 ce, za a ce masa ya cancanci kusan miliyan 3 da jika 800. Kun ga tarkon? Tunda ba a iya ƙara biyan wata, hanya ɗaya da ta rage ta samun kuɗi masu kauri ita ce a ja shekaru. Mutum ya shiga da niyyar ɗaki biyu, ya ji an ce ai kana iya samun kusan miliyan 4, sai zuciya ta fara gina katanga da gareji, har da babur da ɗan abin biki. A wannan miliyan 3 da jika 800, ruwa kaɗai ya haura miliyan 1 da jika 800.

Shi ma'aikacin banki ba ƙarya ya yi ba. Abin da aka tambaye shi ya amsa. Sai dai kada mu manta, shi ɗan kasuwa ne, kayan da yake sayarwa kuɗi ne da lokaci. Kuma ma'aikacin gwamnati wanda albashinsa ke faɗowa cikin asusun bankin, a cire kafin ya taɓa, shi ne abokin cinikin da ba a son rabuwa da shi. Shekara 7 ta fi masa shekara 3, kamar yadda mai gidan haya ya fi son wanda zai daɗe.

Doka fa? Akwai ta, amma ba nan ta tsaya ba. A ƙasashen UEMOA, ciki har da Nijar, akwai iyakar ruwan da ba a yarda mai ba da bashi ya ƙetare ba. A farkon 2014 an sauko da ita daga kashi 18 zuwa 15 cikin 100 ga bankuna, daga 27 zuwa 24 ga ƙananan asusun ajiya da bashi. Ana auna wannan iyaka da abin da za ku gani an rubuta TEG a takardar yarjejeniya, wato kason ruwa na shekara haɗe da sauran kuɗaɗen da aka ɗora wa bashin. Wannan kariya ce ta gaske, kuma duk mai sa hannu ya nemi a nuna masa wannan lamba. Amma TEG tsadar shekara guda yake faɗi, ba ya faɗin shekara nawa za ka yi kana biya. Bashin shekara 3 da na shekara 7 suna iya zuwa da TEG kusan ɗaya, alhali ɗaya ruwansa jika 587, ɗayan miliyan 1 da jika 448. Doka ta ɗaure kaso, ta bar lokaci sake. Wannan gefen, in ba kai ka tsare kanka ba, babu mai tsare maka.

Sai babbar matsalar da na fi gani tsakanin ma'aikatanmu, malaman lakwal, ma'aikatan likita da sauransu, wato abin da ake kira rasha, sayen tsohon bashi da sabo. Shekara 7 tana da tsawo. Cikinta za a yi haihuwa, a yi rashin lafiya, a yi auren ƙanwa, damina ta ƙi, a aiko daga gida cewa rumbu ya ƙare. Da wuya mutum ya kai ƙarshe bai sake bukatar kuɗi ba. Mu ɗauka ƙanena ya yi shekara 3 yana biyan jika 53. Ya zuba miliyan 1 da jika 906. A ransa ya ci fiye da rabin bashi. Ya je ya tambaya, sai a ce masa saura miliyan 2 da jika 11. Cikin duk abin da ya zuba, jika 989 ce ta rage uwar kuɗi, sauran ruwa ya sha. A nan ne za ka ji mutum na rantsuwa cewa an cuce shi, alhali abin da ya sa wa hannu ne ke aiki.

Sai a ce masa ba komai Mushe, mu sabunta. A sake rubuta miliyan 3 a kan shekara 7, banki ya cire miliyan 2 da jika 11 da yake bi, a miƙa masa abin da bai kai miliyan 1 ba, a cikinsa ma a cire sabon kuɗin dosiye. Biyan wata bai canza ba, jika 53 ce dai, don haka ba ya jin zafi. Amma agogo ya koma farko, kuma ya koma daidai wurin da ruwa ya fi cin kaso mai yawa. In ya kai ƙarshe a wannan karon, ya yi shekara 10 yana biya, ya zuba miliyan 6 da jika 355, alhali abin da ya taɓa shiga hannunsa bai cika miliyan 4 ba. Da yawa kuma ba sa kaiwa, sai su sake sabuntawa. Haka za ka ga ma'aikaci ya doshi ritaya bai san kamannin cikakken albashinsa ba.

Yanzu bari in ba masu ja da ni haƙƙinsu, don suna da hujja. Na farko za su ce, kai da ke wannan lissafi, ka san abin da jika 14 take a gidan mai iyali? Na sani. Kuɗin magani ce, kuɗin cefanen kwanaki ce. Kuma gaskiya ne gajeren wa'adin da ya shaƙe mutum ya fi dogo illa. Wanda ya ɗaure kansa da biyan da ya fi ƙarfinsa, kafin goma ga wata ya fara cin bashin mai kanti, ya nemi banki ya ba shi wani abu kan albashin da bai zo ba, daga nan ya faɗa hannun masu ba da jika 10 a maido musu 12 ƙarshen wata. Wannan ruwan kashi 20 ne a wata guda, ya fi na banki na shekara sukutum. Don haka ba cewa nake kowa ya zaɓi wa'adi mafi gajarta ba. Cewa nake ka zaɓi mafi gajartar da za ka iya ɗauka ka ci abinci, ka kuma san nawa kowace shekarar da ka ƙara ta ci maka.

Na biyu za su ce, ai kuɗi lalacewa suke, jika 53 ta yau ba ita ce ta shekara 7 masu zuwa ba, bashi da kansa zai narke. Wannan tunani daga maƙwabtanmu muka aro shi. Mutanen Bangi da duk masu shiga kasuwannin bakin iyaka sun ga yadda naira ta zube, a 2024 tsadar kaya a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekara. A can, mai tsohon bashi yana iya cin riba. Amma sefa a ɗaure take da yuro, kuma BCEAO burinta tsadar kaya ta tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 3. Ko a shekarar da hatsi ya yi tsada, albashi ba ya bin sa ya hau. Abin da ke faruwa shi ne cefane ya ƙaru, cirewar banki tana nan daram. Bashin sefa ba ya narkewa, sai an biya shi.

Na uku, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi: wani lokaci abin da bashin ya saya yana maido kuɗi. In gidan da ƙanena zai gina zai raba shi da hayar jika 25 a wata, wannan jika 300 ce a shekara, dole a sa ta cikin ma'auni. Gida kuma yana shekara 30 ana cikinsa, don haka biyansa cikin shekara 5 ba ɓarna ba ce. A nan ne ma'aunin gaskiya yake: kada wa'adin bashi ya fi rayuwar abin da aka saya da shi, kuma kada ruwan ya fi abin da kayan ke kawowa.

Ku auna wannan da babur. Matashi a Tamaske ko Madawa ya karɓi jika 600 a wani asusu don ya yi kabu-kabu, a ce ruwan kashi ɗaya da rabi ne a wata kan abin da ya rage. In wata 12 ne, zai riƙa biyan jika 55, ruwa duka jika 60. In wata 24 ne, biyan ya koma jika 30, ruwa ya kai jika 119, ninki biyu ke nan. Bayan wannan, kowa ya san hanyoyin Adar, dutse da kwazazzabo da jar ƙasa. Babur ɗin da ke hawa da sauka da kaya kullum, a shekara ta biyu kanikawa sun fara cin rabonsu. Lokacin da samu ke raguwa, gyara na ƙaruwa, bashi kuma na nan. Ribar babur a watanninsa na farko take, a lokacin ya kamata a danne bashin. Abin da ya fi wannan muni shi ne a ci bashin shekaru don ragon layya, ko biki, ko komawar yara lakwal. Abin da ke dawowa duk shekara ba a biyansa da bashin da ya wuce shekara, in ba haka ba layya ta uku za ta iske ka kana biyan ragon farko.

Akwai kuma inda ƙarin lokaci ke da amfani ƙwarai, don kada a ce na ƙi shi gaba ɗaya. Manomin albasa a fadamar Tarka, wajen Sabon Gida ko Arzarori, ba shi da albashin wata. In an ce ya biya bashi daidai lokacin cirar albasa, wajen Maris da Afrilu, dole ya sayar sa'ad da kowa ke sayarwa, kasuwa ta cika, farashi na ƙasa. In an ƙara masa wata 4 ya zuba ta cikin rudu, a kan jika 600 ƙarin ruwan jika 36 ne. Sai ya auna: tashin farashin da yake sa rai, bayan an cire wadda za ta ruɓe da wadda za ta bushe ta rage nauyi, ya fi jika 36? In ya fi, ƙarin lokacin ya biya kansa. Bambancinsa da ƙanena shi ne manomin ya san abin da yake saye da watannin nan huɗu, ya kuma san kuɗinsu.

Na san wasu za su ce duk wannan magana ta riba ce, mu ba ruwanmu. Hukunci na malamai ne, na bar musu. Abin da zan ƙara kawai shi ne, ko a tsarin bankin Musulunci, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da riba sananniya ka biya kaɗan-kaɗan, galibi ribar da tsawon wa'adi ake auna ta. Farashin shekara 2 daban, na shekara 5 daban. Don haka tambayar "duka nawa?" ta hau kan kowa.

To me za a yi kafin a sa hannu? Abu na farko, ninka biyan wata da yawan watanni, ka ɗebe abin da zai shiga hannunka da gaske, ba abin da aka rubuta a saman takarda ba. In an rubuta miliyan 3 amma bayan dosiye da inshora abin da ya faɗo asusunka bai kai ba, da wanda ya faɗo za ka yi lissafi. Abin da ya fita shi ne kuɗin bashin. Na biyu, ka ce a buga maka jadawalin biya na wa'adi biyu ko uku, ka tafi da su gida ka kwana a kansu. A jadawalin ka nemi layin wata na 36, ka dubi abin da zai rage ana bin ka, don nan ne gaskiyar dogon bashi take. Na uku, ka tambaya tun yanzu: in na samu kuɗi na so in biya kafin lokaci, ko in rage uwar kuɗi, an yarda? Akwai tara? Nawa ce? A nuna maka a rubuce. In babu tara mai nauyi, mai tsoron shaƙewa yana iya karɓar wa'adi mai ɗan tsawo, sannan duk abin da ya shigo, bashin albashi da aka biya shi, kuɗin albasa, ko saƙon ɗan uwa daga cin rani, ya jefa kan uwar kuɗi. Kuma jifan farko-farko ya fi amfani, don a shekarun farko ruwa ya fi ci.

Ƙanena dai mun zauna mun sake lale. Ya ga in ya karɓi miliyan 2 a kan shekara 3, biyan wata jika 66 ne da 'yan kai, ruwa duka jika 391. Ya ce zai tada ɗaki biyu ya rufa, ya tare, ya huta da haya, falo ya jira. In ya gama biya ya ci gaba da ajiye wannan jika 66 ɗin, cikin wata 15 ya tara kusan miliyan ɗayan da ta rage, ba ruwan kowa a kai. Duka wata 51 ke nan, bai kai shekara 5 ba, kuma tsakanin jika 391 da miliyan 1 da jika 448 akwai fiye da miliyan guda da ta tsaya gidansa. Ba kyauta ya samu ba. Zai ɗauki jika 66 maimakon 53, zai zauna gida marar falo shekara huɗu, siminti na iya tashi kafin nan, kuma ajiya sai mai haƙuri. Ya ce mini: "Yaya, wanga shi ma da nauyi, amma aƙalla na san ranar da zan sauke." Na ce to Mushe, yanzu ka yi lissafi.

Kirana ga bankuna da asusun da ke aiki a Madawa, Buza, Keita da Tawa ba mai tsada ba ne. Duk wanda ya zo neman bashi a ba shi takarda guda mai layi uku: ga wa'adi, ga biyan wata, ga jimillar abin da zai biya, a kuma karanta masa da Hausa ko Tamajak in ba ya jin Faransanci. Na'urar da ke fitar da biyan wata cikin daƙiƙa ita ce ke riƙe da jimillar, ba wani aiki ba ne a faɗe ta. Ƙungiyoyin ƙwadago da ke zama da bankuna su nemo wa mambobinsu yarjejeniya, kada su dawo suna murnar an ƙara shekaru kawai. Su yi ciniki kan kason ruwa, kan kuɗin dosiye lokacin sabuntawa, da kan 'yancin biya kafin lokaci ba tara. Hukumar ARSM mai sa ido kan ƙananan asusu ita ma tana da ta cewa a nan.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba gori nake wa kowa ba. Amma duk wanda ke da bashi yanzu, yau da dare ya ɗauko takardarsa, ya ninka biyan wata da watannin da suka rage, ya je ya tambayi uwar kuɗin da ta saura, ya ga tazarar da ke tsakani. Wanda kuma bai sa hannu ba tukuna, in an ce masa "za mu rage maka a wata", ya ce madalla, to duka nawa ke nan?

Allah ya rufa mana asiri, ya biya wa kowa bashinsa, ya sa albarka cikin ɗan abin da muke samu. Amin.